Naira hamsin da ta kusa raba yaro da aikinsa: yadda ake lissafin abin da ake cire mana wurin tura kuɗi

(Wannan shi ne jawabin da na gabatar a zaman matasa da muka yi a Damagaram a farkon shekarar nan ta 2026. Waɗanda ba su samu zuwa ba sun nemi a saka shi a rubuce, to ga shi.)



Zan fara da wata rigima da ta faru a gidanmu, domin ita ce ta sa na zauna na koyi wannan lissafi.

Kawuna yana da shagon atamfa da yadi a nan Kasuwar Dole. Kamar yawancin ƴan kasuwarmu, daga Kano yake saro kaya, a Kantin Kwari. Da can sai ya ɗaure kuɗi a jiki ya bi ta Matamai da Daura. Yanzu kuwa yana da asusun naira, kuma akwai yaron shagonsa da ke riƙe da wayar, shi ke tura kuɗi duk lokacin da aka yi ciniki. A ƙarshen watan Fabrairun 2025 sai Alhajin da yake saye a wurinsa ya bugo waya ya ce lissafinsu bai cika ba, akwai giɓin naira 1,200. Kawu ya duba littafinsa, ya duba abin da ya rage a asusu, sai ya ga shi ma a nasa ɓangaren akwai wajen naira 860 da ba a san inda suka shiga ba. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kowa ya sani. Amma a kasuwa ba yawan kuɗin ake kallo ba, amana ake kallo. Nan take ido ya koma kan yaron.

Aka kira ni don ni ne “ɗan lakwal” na gidan. Na ce a fito mini da takardar asusun ta wata uku. Kafin in gaya muku abin da na gani, bari in shimfiɗa muku yadda abin yake, don ku ma ku iya yin lissafin da kanku.

Gargaɗi ɗaya tukuna. Mu da muka yi karatu da Faransanci, waƙafi muke sawa kafin ɓurɓushin lamba. A Najeriya akasin haka ne: waƙafi na raba dubbai, aya ke raba naira da kwabo. Idan ka ga 10,000.75 a saƙon banki, naira dubu goma ne da kwabo saba'in da biyar. Haka zan rubuta lambobin yau, yadda za ku gan su a waya.

Abu uku ne, ba ɗaya ba

Idan ka tura naira daga wani banki zuwa wani, abin da ake cirewa ba dunƙule ɗaya ba ne. Abu uku ne daban-daban, kowanne da mai shi, kowanne da ƙa'idarsa.

Na farko ladan banki ne, wato kuɗin aikin turawa. Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ƙayyade shi a jadawalin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, kuma mataki uku ne. Daga naira 5,000 zuwa ƙasa, naira 10. Daga 5,001 zuwa 50,000, naira 25. Abin da ya haura 50,000, naira 50. Wannan shi ne iyakar abin da aka yarda banki ya karɓa. Yana iya ragewa ko ya yafe, shi ya sa wasu manhajojin waya suke ba da turawa kyauta, amma ba shi da ikon wucewa.

Na biyu shi ne VAT, abin da mu muke kira TVA. Tun Fabrairun 2020 kashi 7.5 cikin ɗari ne. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Ba a kan kuɗin da ka tura ake ɗora shi ba, a kan ladan banki kawai ake ɗora shi. Saboda haka naira 10 ta zama 10.75, naira 50 ta zama 53.75. Naira 25 kuwa lissafinta 26.875 ne, amma tunda babu rabin kwabo sai a cike shi ya zama 26.88. In kun taɓa ganin wannan lamba a saƙon banki kuka rasa daga ina ta fito, to ga asalinta.

Na uku shi ne harajin gwamnati na naira 50. Dokar kuɗi ta 2020 ce ta kawo shi da sunan da za ku gani a takardar asusu, EMTL. Mataki biyu gare shi kawai: ƙasa da naira 10,000 babu komai, daga 10,000 zuwa sama naira 50, ko dubu goma ce ko miliyan goma. Ba a ɗora masa VAT. Wannan ba na banki ba ne, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa wa hukumar haraji.

To jimillar abin da za a cire ita ce: ladan matakin da kuɗinka ya faɗa, a tara da kashi 7.5 na wannan ladan, a tara da naira 50 idan kuɗin sun kai dubu goma. Shi ke nan. In ka yi amfani da lambar bugawa ta USSD maimakon manhaja, akwai ƙarin naira 6.98 na kamfanin waya, amma wannan lissafinsa daban ne.

Mu koma kan yaron Kawu

A cikin wata ukun nan, daga Disamban 2024 zuwa Fabrairun 2025, yaron ya tura kuɗi sau 24, kuma babu wanda ya gaza dubu goma. Guda 16 suna tsakanin dubu goma da dubu hamsin. Guda 8 sun haura dubu hamsin.

Ku ɗauki waya ku buga tare da ni. 16 sau 26.88 ya ba mu 430.08. Sai 8 sau 53.75 ya ba mu 430 cif. A haɗa, 860.08. Ga giɓin Kawu nan, har da kwabonsa. Shi a littafinsa kuɗin kaya kawai yake rubutawa, bai taɓa rubuta ladan turawa ba.

Saura 1,200 na Alhajin Kano. A lokacin, mai karɓar kuɗi ne ake cire wa naira hamsin, ba mai turawa ba. 24 sau 50, nawa ke nan? 1,200. Kuɗin sun shiga asusunsa cif-cif, daga baya aka zare hamsin-hamsin, shi kuma ragowar da ke asusu kawai yake kallo.

Sai Kawu ya yi tambayar da ta dace. Ya ce, to ai shekara biyu muna wannan hulɗa, me ya sa sai yanzu? Amsar tana cikin kwanan wata. Alhajin da asusun irin bankunan nan na waya yake karɓar kuɗi, kuma sai ranar 1 ga Disamban 2024 ne irin waɗannan kamfanoni suka fara cire wannan haraji bisa umarnin hukumar haraji ta ƙasar, FIRS. Kafin nan bankunan da muka saba da su ne suke cirewa. Ranar da giɓin ya fara ita ce ranar da umarnin ya fara aiki.

Na karanta wa Kawu layi-layi. Ya yi shiru, sannan ya kira yaron ya ba shi haƙuri a gaban mutane. Wallahi har yau in na tuna fuskar yaron nan sai jikina ya yi sanyi. Da babu wanda ya iya karanta takardar, da ya bar shagon da tabon da ba zai goge ba, a kan kuɗin da ko taɓa su bai yi ba.

Yau lissafin ya sake canzawa, ku lura da kyau. Sabuwar dokar harajin Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, kuma ta mayar da naira hamsin ɗin nan kan mai turawa. Sunanta ma a takarda ya koma Stamp Duty, wato harajin hatimi. Saboda haka in Kawu ya tura naira 60,000 bara, 60,053.75 ke fita daga asusunsa, Alhaji ya tsira da 59,950. Bana kuwa 60,103.75 ke fita, Alhaji ya karɓi 60,000 ɗinsa cikakke. Jimillar abin da ya tafi ɗaya ce, 103.75, aljihun da ke biya ne ya canza. Duk wanda har yanzu yake ƙara wa mai kaya hamsin a sama “don kuɗin cirewa”, to ya sani sau biyu yake biya.

Bakin mataki, inda ake tuntuɓe

Yanzu bari mu kalli tsarin kansa da lissafin bana, wanda komai ke kan mai turawa:

Naira 5,000: a cire 10.75
Naira 5,001: a cire 26.88
Naira 9,999: a cire 26.88
Naira 10,000: a cire 76.88
Naira 50,000: a cire 76.88
Naira 50,001: a cire 103.75
Naira 1,000,000: a cire 103.75

Ku dubi layi na uku da na huɗu. Naira ɗaya tak ta raba su, amma ta jawo ƙarin naira hamsin. Haka tsarin matakala yake: ba ya hawa a hankali kamar tudu, tsalle yake yi. Shi ya sa za ku ga wasu suna tura 9,999. Ba rowa ba ce, lissafi ne.

Daga nan wata tambaya ke tasowa: in na raba kuɗin gida-gida, zan rage? Wani lokaci e, wani lokaci a'a, kuma sai ka buga za ka sani. Naira 15,000 a tashi ɗaya 76.88 ne. In ka raba ta 9,000 da 6,000, babu wadda ta kai dubu goma, sai ka biya 26.88 sau biyu, 53.76. Amma ka gwada raba 60,000 gida biyu, talatin-talatin, don gudun matakin sama. Kowanne 76.88, jimilla 153.76, alhali a dunƙule 103.75 ne. Ka yi asarar naira hamsin kana ganin ka yi wayo. Ƙa'idar ita ce: da zarar kowane gutsure ya kai dubu goma, rabawa ninka haraji take yi.

Ni dai ba don in koya muku zille wa haraji na kawo wannan ba. Na kawo shi ne don ku ga wanda tsarin ya fi dannewa. Mai tura dubu goma yana biyan 76.88, wato kusan kashi 0.77 cikin ɗari na kuɗinsa. Mai tura miliyan ɗaya yana biyan 103.75, wato kusan kashi 0.01. In aka auna da girman kuɗin, nauyin da ke kan na farko ya ninka na biyun sau saba'in da ɗoriya. Wa ke tura dubu goma? Ɗan cirani da ke aiko wa mahaifiyarsa kuɗin cefane daga Kano ko Legas. Matar da ke zubin adashi. Ɗalibi. Wa ke tura miliyan a tashi ɗaya? Kun san shi.

Kuma talaka ba sau ɗaya yake turawa ba, don ba ya tara kuɗin a dunƙule. Ƙaramin ɗan kasuwar da ke tura dubu ashirin-ashirin sau ashirin a wata ya tura 400,000, an cire masa 1,537.60. Wanda ya tura 400,000 ɗin a tashi ɗaya, 103.75. Kuɗi ɗaya, kaya ɗaya, amma ɗaya ya biya kusan ninki goma sha biyar na ɗayan.

Ga mu ƴan bakin iyaka akwai ƙari. Wanda ya sayar da akuya a kasuwar Maigatari, sau da yawa kuɗin ba kai-tsaye suke zuwa hannunsa ba. Mai saye ya tura wa mai POS, mai POS ya tura wa ɗan canji, ɗan canji ya ba da sefa. Kowace turawa sabon lissafi ce daga farko, kuma kowa a layin yana fanshe nasa a jikin na ƙarshe. Ladan mai POS da ribar ɗan canji kuwa ba su cikin jadawalin nan, ciniki ne tsakaninku. Kada wani ya haɗa maka su ya ce “haraji ne”. Ka ce ya ware maka.

Mataki iri biyu ne

Akwai wata hanyar yin mataki da ba ta da wannan tsallen, kuma an gwada ta a Ghana. A Mayun 2022 suka fara harajin da suka kira E-Levy a kan kashi 1.5, a Janairun 2023 suka rage shi zuwa kashi 1. A kuɗin waya, sidi 100 na farko a kowace rana ba a taɓa su. Abin da ya haura ɗarin kawai ake ɗora wa haraji. In ka tura sidi 150 a rana, kashi ɗaya na 50 za a cire, rabin sidi ke nan, ba kashi ɗaya na 150 ba. Wanda ya wuce iyaka da sidi ɗaya, a kan sidi ɗayan nan kawai zai biya. Duk da haka mutanen Ghana ba su so shi ba, kuma Shugaba John Mahama ya soke shi a Afrilun 2025. Amma darasin lissafin yana nan: in an ce maka “daga kaza zuwa sama ake biya”, tambaya ta farko ita ce, a kan duka kuɗin ne ko a kan abin da ya haura iyakar?

Darasi na biyu daga Najeriya yake, kuma a kan sifili ne. Ranar 6 ga Mayun 2024 CBN ya umarci bankuna su fara cire harajin tsaron intanet, kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da aka tura. Wannan ba mataki gare shi ba, da girman kuɗin yake tafiya: dubu goma naira 50, miliyan ɗaya naira 5,000. Da ya tsaya, da 60,000 ɗin Kawu an ƙara mata naira 300, jimilla ta zama 403.75 a lissafin yau. Jama'a da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi caa, Shugaba Tinubu ya sa aka dakatar, CBN ya janye takardar a cikin watan. Abin lura shi ne an daɗe ana gardama a kan lambar kanta, domin tsohuwar dokar 2015 cewa ta yi 0.005. In ka karanta shi a matsayin 0.005 na kuɗin, rabin kashi ɗaya ne, naira 5,000 a miliyan. In ka karanta shi a matsayin kashi 0.005 cikin ɗari, naira 50 ne a miliyan. Ninki ɗari ke tsakaninsu, a kan alamar % guda ɗaya. Duk ranar da aka karanta mana sabon haraji a rediyo da Faransanci, kada mu tsaya a “sifili waƙafi biyar”. Mu ce a faɗa mana: a jaka ɗari, nawa za a cire?

To mu a nan gida fa?

Wani zai ce duk wannan naira ce. E, amma rabin cinikin Damagaram da Kano yake, tun zamanin fatake, kuma tsarin iri ɗaya ne da wanda muke gani a gishen kamfanonin tura kuɗi na garin nan. Kowanne yana da jadawalinsa na mataki-mataki: daga kaza zuwa kaza, lada kaza. Ƙaramin haraji mai tsayayyen adadi ma mun san shi. Asusun FSSP da hukumomin ƙasa suka kafa a Oktoban 2023 ya zo da cirar dala biyu, tamma goma, a kan kiran waya da sayen forfe. Ko kana goyon bayan manufar asusun ɗari bisa ɗari, lissafin bai canza ba: dala biyu a kan forfen dala ɗari kashi 2 ne, a kan forfen jaka biyar kuwa kashi 0.2.

Saboda haka, a duk gishen da ka tsaya, da sefa ko da naira, tambaya huɗu nake so ka riƙe.

Ta farko: a cikin abin da za a cire, nawa ne ladan kamfani, nawa ne na gwamnati? Ta biyu: ina bakin matakin yake, kuma adadin da ke daidai kan iyaka ƙasa ya faɗa ko sama? Ta uku: wa zai biya, mai turawa ko mai karɓa? Ta huɗu: a sama za a ɗora ko a ciki za a zare?

Ta huɗun nan tana da ɗan tarko. Mu ƙaddara, don misali kawai, ana zare kashi 1 daga cikin kuɗi, kai kuma kana so ɗan'uwanka ya karɓi jaka ɗari cif. In ka ba da 101,000, kashi ɗayansa 1,010 ne, sai ya karɓi 99,990. Bai cika ba. Daidai shi ne ka raba 100,000 da 0.99, ya ba ka kusan 101,010. Dala biyu ce ta rage, amma mun ga abin da ƙaramin giɓi ke iya jawowa tsakanin mutane biyu.

In kana zargin an cire maka ba daidai ba, ga yadda za ka gane. Ka ɗauki turawa ɗaya, ka rubuta abin da ke asusu kafin ta da bayan ta. Ka debe kuɗin da ka tura. Abin da ya rage ka gwada shi da jadawali. A naira, in ka ga an haura 53.75 a ladan banki na turawa ɗaya, ko an cire hamsin a kan abin da bai kai dubu goma ba, ko an cire hamsin sau biyu a kan turawa ɗaya, ko an cire ta lokacin da ka tura daga asusunka zuwa wani asusunka a banki ɗaya, to akwai abin tambaya. Amma ka lura, wasu bankuna ba nan take suke zare hamsin ɗin ba, sukan tara su su cire daga baya a dunƙule. In ka ga an zare 350 rana ɗaya, kafin ka ɗaga murya ka ƙirga ko ka yi turawa bakwai masu dubu goma zuwa sama. Kuma jadawali yana canzawa, kun dai ga abin da ya faru a Janairun nan, saboda haka ka nemi na ranar da ka yi turawar.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema a fili ba shi da yawa. Resi ya ware lada daban, haraji daban, kowanne a layinsa. A manna jadawali a bakin gishe da Hausa, a rubuta shi da dala da jaka yadda uwayenmu ke ƙirga kuɗi. Duk lokacin da za a kawo haraji mai iyaka, a ɗora shi a kan abin da ya haura iyakar, kada tamma ɗaya ta jefa mutum mataki na gaba. Sannan a riƙa faɗa mana nawa aka tara da inda aka kai shi.

Kafin zamanmu na gaba ina roƙon kowa abu ɗaya. Ka nemi resi uku na turawa, naka ko na wani a gidanku, ka rufe suna da lambar waya, ka zo da su. Za mu baje su a kan tebur mu yi lissafin tare, gishe bayan gishe, mu fitar da jadawalin garin nan da hannunmu.

Yaron Kawu yana nan a shago har yanzu. A littafin an ƙara layi ɗaya a gefen kowane ciniki, an rubuta “kuɗin turawa”, kuma shi ke cike shi.